Manhajar lissafi mai araha: a ina ƙaramin mataki yake tsayar da ɗan kasuwa?

Wanda ya buɗe shafin farashi na kowace manhajar lissafin kasuwanci zai tarar da akwatuna uku ko huɗu a jere, daga mai araha zuwa mai tsada. Ido kan fara sauka kan na farkon, domin kuɗinsa a wata bai taka kara ya karya ba, wani lokacin ma kyauta ne. Abin da ba a cika karantawa ba shi ne ƙananan rubutun da ke ƙasan akwatin, inda kamfanin ya faɗi iyakar abin da zai bari a yi da wannan kuɗin. Iyakokin da suka fi taɓa ƙaramin ɗan kasuwa uku ne: yawan takardun neman biya da zai iya fitarwa, wato inbois kamar yadda ake cewa a kasuwa, da haɗa manhajar da asusun banki, da kuma yawan mutanen da za su iya shiga su yi aiki a cikinta.

Kamfanonin ba su kafa shingensu a wuri ɗaya ba, kuma nan ne ake ruɗewa. Xero, wanda aka kafa a New Zealand a 2006, yana barin ko mutum nawa su shiga asusun kasuwanci ɗaya ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma ƙaramin matakinsa yana tsayawa a inbois 20 a wata. QuickBooks Online na kamfanin Intuit da ke Amurka ya juya abin: a fitar da inbois ko dubu nawa ne, amma matakin Simple Start na mutum ɗaya ne, Essentials na mutum uku, Plus na biyar, Advanced kuma na 25. FreshBooks na ƙasar Kanada bai damu da yawan takardun ba, yawan abokan ciniki yake ƙirgawa: matakin Lite mutum biyar kaɗai za a iya aika wa takardar biya, Plus kuma 50. Zoho Books na ƙasar Indiya yana da mataki na kyauta mai inbois 1,000 a shekara, da mutum ɗaya da akantansa, da sharaɗin kada cinikin shekara ya wuce wani adadi. Waɗannan alkaluma kan sauya lokaci zuwa lokaci, sunayen matakan ma kan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin ya daɗe a haka.

Dalilin shingen ba ɓoyayye ba ne. Inbois na 21 ba ya ci wa Xero ko sisin kwabo fiye da na 20. Kamfanin yana neman alamar da za ta nuna masa cewa kasuwancin mutum ya yi ƙarfin da zai iya biyan kuɗi mai yawa, sai ya ɗora farashi a kan wannan alamar. Wani ya zaɓi yawan takardu, wani yawan ma'aikata, wani yawan abokan ciniki. Saboda haka tambayar wace manhaja ce ta fi araha ba ta da amsa ɗaya. Amsar tana ga siffar kasuwancin da za a zuba a ciki.

A ɗauki misalin wata Hajiya mai gonar kaji a wajen Zariya, wadda ke kai ƙwai ga abokan ciniki 14 a kan bashi. Takwas daga cikinsu gidajen burodi ne da otal-otal, ana kai musu kaya kowane mako tare da takardarsu. Shida makarantun kwana ne da ke karɓar takarda sau ɗaya a farkon wata. A wata mai mako huɗu ke nan za ta fitar da inbois 38, a shekara kuma 488. Mutum uku ne ke taɓa lissafin: ita kanta, da manajan gona, da yarinyar da ke zaune a shagon cikin gari. Akwai kuma akanta da ke leƙowa ƙarshen wata. Kuɗi na shigowa ta hanya uku, asusun banki na kasuwanci, da na'urar POS a shago, da wani asusun waya da direba ke karɓar tiransifa da shi, ban da tsabar kuɗi.

Idan ta ɗauki ƙaramin matakin Xero, a makon farko za ta fitar da takarda 14, takwas na mako da shida na wata. A mako na biyu, takarda shida kaɗai za su wuce, ta bakwai ta tsaya. Manhajar ba za ta rufe ba, ba kuma za ta goge komai ba, sai dai ta ƙi amincewa da sabuwar takardar ta ce a hau mataki na gaba. Ga mota an loda, ga direba yana jira, ga sauran mako biyu kafin wata ya ƙare. Da FreshBooks Lite kuwa ba za ta ma kai ga haka ba, tun ranar farko abokin ciniki na shida ba zai samu gurbi ba. Simple Start na QuickBooks zai ɗauki takardunta duka 488 ba gardama, amma kujera ɗaya ce a ciki, ita kuwa mutum uku gare ta.

Matakin kyauta na Zoho shi ne zai fi jan hankalinta, tunda 488 bai kai rabin 1,000 ba. Sai dai akwai sharaɗin ciniki, wanda a Amurka dala 50,000 ne a shekara, a wasu ƙasashen kuma an sa nasu adadin. Abin lura shi ne ciniki ake ƙirgawa, ba riba ba. In a ce tana sayar da kiret 400 a mako a kan naira 5,000, naira miliyan biyu ke nan a mako, miliyan 104 a shekara. A canjin naira 1,500 kan dala, ya kusa dala 70,000. Mafi yawan wannan kuɗin abincin kaji ne zai cinye shi, amma ma'aunin bai san da wannan ba. Mai sayar da kaya masu ɗan siririn riba, irin hatsi, siminti ko katin waya, yakan tsallake irin wannan iyaka tun yana ganin kansa ƙaramin ɗan kasuwa, alhali mai zanen gini da ke samun riba ninkin tasa yana zaune lafiya a ƙarƙashinta.

Idan mutum ya ci karo da shingen inbois, dabarar da ta fara zuwa masa ita ce haɗe takardu. Maimakon takarda huɗu a wata ga kowane gidan burodi, sai a tara a ba shi ɗaya a ƙarshen wata. Da haka takardun Hajiya za su sauko daga 38 zuwa 14, su shige ƙarƙashin 20 salin alin. Amma a duba abin da ya biyo baya. Gidan burodin da ke karɓar kiret 30 a mako, na naira 150,000, wanda a da yake biya kwana bakwai bayan ya ga takarda, yanzu sai ya karɓi kayan naira 600,000 kafin ya ga takarda ko ɗaya. Gidaje takwas irinsa, kuɗin da ke hannun mutane a ƙarshen wata ya kai naira miliyan 4.8, a sana'ar da mai abincin kaji ba ya jiran ƙarshen wata. Bambancin kuɗin mataki na farko da na biyu bai kai ko kusa da wahalar da wannan giɓin zai jawo ba. Kuma takardar da ta tara kayan mako huɗu ta fi jawo musu, domin mai gidan burodi zai ce shi bai tuna an kawo masa kiret 30 a mako na biyu ba.

Dabara ta biyu ta fi muni: a ci gaba da rubuta sauran takardun a littafin rasit na hannu, da niyyar shigar da su in wata ya kama. Daga ranar an samu littafi biyu. Rahoton masu bashi da manhajar ke nunawa ya zama rabin gaskiya, lambobin takardu sun rabu gida biyu, kuma cinikin wannan watan zai bayyana a wata mai zuwa. Ga wanda ke karɓar harajin VAT, wanda a Najeriya kashi 7.5 ne cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, wannan jinkirin yana ɓata lissafin abin da zai miƙa wa hukuma a kowane wata.

Akwai kuma wani abu da masu shago kan rikita. Ba kowane ciniki ne ke buƙatar inbois ba. Inbois na wanda ya karɓi kaya zai biya daga baya ne. Wanda ya zo shago ya sayi kiret biyu ya biya nan take rasit ne nasa, kuma ana iya tara cinikin yini guda a shigar da shi a layi ɗaya a matsayin kuɗin da ya shigo. Mai shagon da ke buga inbois ga duk wanda ya leƙo zai cinye 1,000 na shekara kafin azumi ya zagayo, ba tare da wani dalili ba.

Batun yawan masu shiga kuwa, maganinsa na gida kowa ya san shi: a biya kuɗin mutum ɗaya, a raba kalmar sirri ga kowa. A ganin marubucin nan, wannan ita ce arahar da ta fi kowace tsada. Manhajojin suna ajiye tarihin duk abin da aka yi a cikinsu, wa ya shigar da takarda, wa ya sauya adadi, wa ya goge, da ranar da sa'ar. A QuickBooks ana kiran wurin Audit log. Idan mutum uku suna shiga da suna ɗaya, tarihin zai nuna cewa Hajiya ce ta yi komai. Ranar da aka ga takardar naira 150,000 ta koma 105,000, babu hanyar sanin ko kuskuren yatsa ne ko hannu ne ya yi tsawo, kuma zargi zai hau kan mutum biyu da wataƙila ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Ban da haka, mai shiga da sunan mai kasuwa yana ganin duk abin da mai kasuwa ke gani: ragowar kuɗin banki, albashin kowa, ribar wata. Amfanin ba kowa kujerarsa shi ne a iya cewa yarinyar shago ta fitar da takarda ta karɓi biya amma kada ta ga banki, manajan gona ya shigar da sayen abinci da magani amma kada ya iya goge komai. Sannan ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a cire sunansa kawai a wuce wurin, maimakon a sauya kalmar sirri a bi kowa da sabuwa. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne kujerar akanta yawanci ba ta cikin ƙidaya. QuickBooks yana ba da gurbin akanta daban da na ma'aikata, Zoho ma ya ba shi wuri ko a matakin kyauta. Don haka Hajiya kujera uku take nema, ba huɗu ba, wato Essentials a QuickBooks ko Standard a Zoho, wanda shi ma mutum uku yake ɗauka da inbois 5,000 a shekara. In kuma tana so manhajar ta riƙa ƙirga mata kiret nawa suka rage a sito, a QuickBooks sai ta ƙara hawa zuwa Plus, domin lissafin kaya a can yake farawa. Sau da yawa abin da ke tura mutum sama ba yawa ba ne, wani aiki ne guda ɗaya da aka ajiye a bene na uku.

Haɗin banki shi ne ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne tallar da aka tsara don London ko Toronto ke iya yaudarar mai karatu a Kano ko Maraɗi. Ma'anar haɗin ita ce manhajar ta riƙa jawo shige da ficen asusun banki da kanta, kullum, ta jera su, mai lissafi kuma ya riƙa haɗa kowane kuɗi da takardarsa. Inda abin ke aiki, yana rage wahala sosai. Shi ya sa kamfanoni ke mayar da shi abin sayarwa. Matakin kyauta na Zoho yana barin a loda bayanan asusu da hannu, jawowa kai tsaye kuma sai a matakan biya. Wave na Kanada, wanda ya yi suna da kyauta, a 2024 ya fito da matakin biya mai suna Pro ya mayar da jawo bayanan banki can. Xero kansa a da yana taƙaita ƙaramin matakinsa ga layukan banki 20 da inbois biyar a wata, kafin ya sassauta a 2020.

To amma haɗin ba ya yiwuwa sai akwai gada tsakanin manhajar da bankin mutum. A Birtaniya doka ta tilasta wa manyan bankuna buɗe wannan ƙofa tun 2018. A Amurka kamfanoni irin Plaid da Yodlee ne ke tsakiya. A Najeriya Babban Banki ya fitar da tsarin dokar a 2021, ya biyo da ƙa'idojin aiki a watan Maris na 2023, amma har yanzu ba kowane banki ko asusun waya ne mutum zai tarar a jerin manyan manhajojin waje ba. Wanda ya hau mataki mai tsada saboda haɗin banki, ya zo ya rubuta sunan bankinsa a akwatin nema bai fito ba, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Gwajin ba shi da wuya. Kusan duk manhajojin suna ba da kwanakin gwaji kyauta, kuma aikin farko a ranar farko shi ne a nemi kowane asusu da sunansa, a haɗa, a jira kwana biyu a ga ko kuɗin jiya sun bayyana. Ga Hajiya, in asusun banki ya haɗu amma na POS da na direba ba su haɗu ba, kashi ɗaya cikin uku na aikin kawai aka ɗauke mata.

Inda haɗi bai samu ba, sai a koma ga lodawa da hannu. A sauko da bayanan asusu daga banki a fayil ɗin CSV ko Excel, a gyara shi ya zama ginshiƙi uku, kwanan wata da bayani da adadi, kuɗin da ya fita da alamar ragi a gabansa:

```
Date,Description,Amount
03/04/2025,TRF GIDAN BURODI,150000
04/04/2025,ABINCIN KAJI,-420000
```

Aikin minti kaɗan ne a mako, amma yana da ramuka biyu. Na farko kwanan wata. A Najeriya da Nijar 03/04/2025 na nufin 3 ga Afrilu, manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuwa za ta karanta shi 4 ga Maris. Alamar da ke tona wannan kuskure ita ce layukan da ranarsu ta wuce 12 ga wata su ƙi shiga, tunda babu wata na 13, sauran kuma su watsu cikin watannin da ba nasu ba. Na biyu maimaici. In an loda daga 1 zuwa 15 ga wata, aka dawo aka loda daga 10 zuwa 30, kwana shida na iya shiga sau biyu, ciniki ya kumbura a banza. Abin da ke kama duka biyun ɗaya ne: ragowar kuɗin da manhajar ta nuna a ranar ƙarshe ta wata dole ta yi daidai da ta takardar banki, har kwabo. In ba su yi daidai ba, ba a rufe watan.

Ko haɗin ya yi aiki, ba ya ɗauke tunani. Kuɗin POS kan iso asusu bayan an cire caji, don haka cinikin naira 10,000 zai bayyana da ɗan ragi, sai an shigar da bambancin a matsayin kuɗin caji kafin ya haɗu da takardarsa. Mai gidan burodi kuma yana iya turo kuɗi daga asusun ƙaninsa, da sunan da manhajar ba ta taɓa gani ba. Wannan sai wanda ya san mutanen.

Sai maganar kuɗin da ake biya da shi. Mafi yawan waɗannan manhajoji da dala ko fam suke sa farashi. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ke biyan dala 30 a wata ya tashi daga kimanin naira 14,000 zuwa 45,000 ba tare da kamfanin ya ƙara masa ko santi ɗaya ba. Zoho, wanda ke da ofis a Legas, yana karɓar naira, kuma wannan kaɗai ya isa ya sauya lissafin wanda kuɗin shigarsa duka naira ne.

Hawa mataki danna maɓalli ɗaya ne, saukowa ce ke da sharuɗɗa. Wanda ke Plus da mutum biyar ba zai koma Essentials ba sai ya cire biyu, ya kuma rabu da ayyukan da ƙaramin matakin bai sani ba, irin lissafin kaya. Iyakokin ma kan zo daga baya: a 2019 Intuit ya sa wa matakan da ke ƙasa da Advanced iyakar rukunan asusu 250, abin da babu shi lokacin da mutane da yawa suka shiga. Wani lokacin kuma kamfanin ne ke tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Wave ya daina hidima ga waɗanda ke wajen Amurka da Kanada, ciki har da 'yan Najeriya da dama da suka saba da shi, QuickBooks kuma ya fice daga Indiya a 2023. Wanda ya daina biyan QuickBooks Online ana barinsa ya duba bayanansa na shekara ɗaya, alhali dokar kamfanoni ta Najeriya tana so a ajiye littattafan lissafi shekara shida. Saboda haka fitar da rahotanni da jerin takardu zuwa Excel ko PDF a ƙarshen kowane wata, a adana su a wani wuri daban, wajibi ne ko a wane mataki mutum yake.

Ga gonar Hajiya hukuncin a fili yake. Duk ƙananan matakan huɗu sun yi mata kaɗan, kowanne ta fuskarsa, kuma wurinta mataki na biyu ne a QuickBooks ko Zoho ko Xero, ko Plus a FreshBooks tare da biyan kuɗin kowane ƙarin ma'aikaci. Mai karatu da ke shirin shiga ɗaya daga cikinsu ya ɗauko littafin rasit ɗinsa ya ƙirga takardun bashi na watan da kasuwa ta fi ci, ba na watan da ta yi sanyi ba, ya rubuta sunayen duk masu taɓa lissafi, ya jera asusun da kuɗi ke shiga, sannan ya buɗe shafin farashi.